Sikanan kai sau uku kan mutum ɗaya: motsi ne, ƙarfe ne, ko ƙashi?

Sa'adatu, Marwa

Assalamu alaikum malamaina. Ina neman shawara kan sikanan kai, wato hoton CT, da ke yawan sa a mai da maras lafiya kan tebur. Ga wanda ke gabana. Saurayi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya faɗi da babur, an kawo shi da abin riƙe wuya, yana ta fisge-fisge, ba ya jin magana. Na'urar mai yanka 16 ce. Tsarin kai da ke ajiye a cikinta helical ne, 120 kV, 250 mA, juyi 0.8 s, 16 × 0.625 mm, pitch 0.562, ana fitar da yanka na milimita 5. An ɗauka sau uku, kowane karo DLP, wato awon jimillar wutar da ya sha, kusan 990. Har a na ukun akwai abu biyu da suka ƙi fita: baƙaƙen layuka da farare a ƙasan kai wajen ƙeya, sai kuma wani farin siriri da ya kwanta jikin ƙashin goshi ta dama a yanka huɗu. Likitan gaggawa ya ce ba zai iya rantsuwa ba jini ba ne. Me ya kamata a canza?

Abakar, Injamena

Wa alaikumus salam. Layuka a ƙasan kai ai ƙarancin wuta ne, ƙanwata. Ƙashin wurin mai kauri ne. Ki kai kV 140, ki ƙara mA zuwa 300, za su ragu. Haka ake yi wa mai ƙarfe a ƙugu ma.

Malam Bello, Garwa

Abakar, kafin a taɓa kV sai a san wace cuta ake magani. Abu uku ne ke zana layi a hoton kai, kowanne da kamanninsa, kuma ɗaya ne kawai daga cikinsu sake ɗauka ke warkarwa.

Sa'adatu, kada ki kira maras lafiyar tukuna. Ki koma kan na'ura ki buɗe yankan 0.625 na ɗaukar ta uku, ki haɗa su ta gefe da ta gaba, wato sagittal da coronal. Ki bi bakin ƙoƙon kai da ido. Idan mutum ya motsa, za ki ga ƙashin ya yi matakala, kamar an yanka kan an ɗan goce wani sashe. A yankan kwance kuma ƙashin zai fito bibbiyu, da inuwa fara-fara a jikinsa ta ciki. Wannan inuwar ce ke kama da jinin da ya taru ƙarƙashin rufin ƙwaƙwalwa, domin haskenta yakan faɗo kusa da na sabon jini, tsakanin 50 da 70 HU, ma'aunin haske da duhun nama a hoton sikana. Saboda haka awon HU kaɗai ba zai raba gardama ba. Abin da zai raba shi ne, farin ya tsaya cak daidai inda matakalar ta tsaya? A waje ma, ta ɓangaren fata ko a ɗaya gefen kan, akwai irin wannan inuwar? Jini ba ya sanin inda yanka ya fara da inda ya ƙare, yana sirancewa a hankali yana bin lanƙwasar ƙashi.

Layukan ƙasa kuma ki duba daga ina suke tasowa. Idan baƙar ɗamara ce da ta ratsa tsakanin ƙasusuwan kunne biyu ta bi ta tsakiyar jijiyar ƙwaƙwalwa, wannan na ƙashi ne. Ƙashin na shanye haske mai rauni, abin da ya wuce ya fi ƙarfi, na'ura sai ta ɗauka naman da ke tsakani ya fi yadda yake laushi. Ko gawa aka ɗauka za a gan shi, sake ɗauka ɓata wuta ne. Idan kuwa layukan daga wuri guda suke bazuwa kamar hasken tauraro, to ƙarfe ne, ki nemo shi a Scout, hoton share fage da ake ɗauka kafin yanka.

Hadiza, Ngaundere

Ni abin da na sani, in motsi ya dame ka sai ka juya phase da frequency, inuwar ta koma wani ɓangare ta bar wurin da kake son gani. Ko ka sa BLADE ko PROPELLER, ko HASTE mai sauri. Kuma mata a goge musu kwalli kafin su shiga, yana ɓata hoton ido sosai.

Abakar, Injamena

Anti Hadiza, sikana take magana, ba IRM ba, wato MRI.

Hadiza, Ngaundere

Af, ku gafarce ni, na karanta da gaggawa. Amma na kwallin a riƙe shi ga masu IRM, da allurar ɗankwali.

Sa'adatu, Marwa

Malam, na duba kamar yadda kuka ce. Akwai matakala a sagittal, kusan milimita 3, kuma daidai yanka huɗun nan ne. A wajen ƙashin ta hagu ma akwai inuwa irinta. Na ƙasan kuma iri biyu ne ashe. Ɗamarar da kuka faɗa tana nan, amma ƙasa da ita akwai masu bazuwa daga gaba. A Scout na ga haƙorin Makka a sama ta dama. Haɓarsa a ɗage take saboda abin wuyan.

Malam Bello, Garwa

To kin samu duka ukun a kai ɗaya. Bari mu fara da motsin, don shi ne ya ci ɗauka biyu.

Ki lissafa tsawon lokacin da tsarin nan ke nema daga mutumin da ba ya cikin hayyacinsa. Faɗin haskenki milimita 10 ne. A pitch 0.562 tebur na tafiya milimita 5.62 kowane juyi. Kan babba daga gindin ƙoƙo zuwa tsakar ka wajen milimita 160 ne, juyi 28 ke nan da ɗoriya, a 0.8 s kuwa kusan daƙiƙa 23. Tsari ne mai kyau ga wanda ya shigo da ƙafarsa yana ciwon kai. Ga mai fisge-fisge, ko sau biyar aka maimaita, a wani wuri cikin daƙiƙa 23 zai motsa.

Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne a ɗaga pitch a rage juyi. Amma ki duba abin da zai faru da wutar da ke isa kowane yanka:

```
mAs eff = mA × s / pitch
250 × 0.8 / 0.562 = 356
```

Idan kika koma pitch 0.938 da juyi 0.5 s, ɗaukar za ta ƙare cikin daƙiƙa 8 da rabi, amma don ki riƙe 356 ɗin nan sai kin ba da kusan 670 mA. Yawancin masu yanka 16 ba sa kaiwa nan, suna tsayawa wajen 400 zuwa 500. Na'urar za ta yanke miki mA, hoton ya yi tsaki-tsaki, a kasa raba farin nama da toka-tokan nama na ƙwaƙwalwa, waɗanda bambancinsu bai wuce HU goma ba.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ki bar pitch da juyi da mA yadda suke, ki buɗe faɗin haske zuwa 16 × 1.25, milimita 20. Tebur zai yi milimita 11.24 a juyi, juyi 14, daƙiƙa 11 da 'yan kai. Kin raba lokacin biyu ba tare da kin taɓa wutar yanka ba. Abin da kika bayar a madadi shi ne ba za ki ƙara samun yanka ƙasa da 1.25 ba. Ga neman jini da karayar ƙoƙo wannan ya isa. Ga ƙananan ƙasusuwan kunne bai isa ba, amma ba su ake nema da tsakar dare ba. Ina ba da shawara a ajiye wannan a matsayin tsari na biyu da sunansa daban, don kada a tsaya gyaran lambobi mutum na kan tebur.

Dakta Amina, Garwa

Malam ya yi bayanin na'ura, ni bari in yi na wanda ke karanta hoton. Kuskuren da ya fi damuna a nan ba tsawon lokacin ba ne, sake ɗaukar dukan kan ne. Sa'adatu, a ɗaukar farko ina motsin ya faɗo? In ba a goshi ba ne, to goshin yana nan lafiya a ta farko ko ta biyu, kuma amsar likitan gaggawa tana cikin na'urarki tun ɗazu. Kada a goge ɗaukar da ta lalace. A turo mana duka, mu haɗa mai kyau na wannan da mai kyau na wancan.

Idan kuma dole ne a sake, a sake inda ya ɓaci kawai. Yanka huɗu na milimita 5 milimita 20 ne. Ki ƙara 10 sama da 10 ƙasa, milimita 40. A axial juyi huɗu ne na milimita 10. Da CTDIvol, wato awon wutar kowane yanka, na kusan 58, DLP ɗinsa wajen 230 ne, ba 990 ba. Sharaɗin kawai kada a sauke mutumin, kada a taɓa sifirin tebur. Ɗauka uku da aka yi sun tasar wa 3000, wajen 6 mSv ke nan in aka lissafa da 0.0021. Ba abin da zai kwantar da shi ba ne, amma ƙwayar idonsa ta sha sau uku, kuma saurayi ne.

Sa'adatu, Marwa

Dakta, gaskiyarku. A ta farko motsin a tsakar ka yake. Goshin tsaf yake, babu farin komai a jikin ƙashin, har da na buɗe taga zuwa W 200, L 70. A ta biyu kuma tsakar kan ce mai kyau.

Dakta Amina, Garwa

Madalla. Amma ki nuna wa mai karatun naku ya sa hannu, kuma ki gaya masa tazarar lokaci tsakanin ta farko da ta uku. Jini na iya fitowa bayan an yi hoton farko. In mintoci kaɗan ne, kuma matakalar ta yi daidai da farin, motsi ne. In maras lafiyar na ƙara nutsewa, ba ruwan kowa da lissafin DLP, a sake.

Abakar, Injamena

Na yarda da batun motsin. Amma a kan haƙorin fa? Nan ai maganata ta 140 kV ta tsaya.

Malam Bello, Garwa

Ta tsaya da ƙafa ɗaya. A ƙarfen ƙugu ko faranti a ƙashin cinya, 140 kV na taimakawa, musamman in titaniyom ne, don haske na iya ratsa shi. Baƙin ƙarfe maras tsatsa da kobal sun fi wuya. Zinariya da cikon haƙori na amalgam kuwa kusan ba abin da ke ratsa su, ditekta na karɓar kusan babu, to ƙarin kV 20 ba zai buɗe wannan ƙofar ba. Sannan a kai akwai asara biyu: in an bar mA yadda yake wutar da mutum ke sha na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, bambancin naman ƙwaƙwalwa kuma na raguwa. Ka biya kuɗi, ka karɓi hoto mafi rauni a inda ake neman ciwon.

Maganin haƙori shi ne a fitar da shi daga hanyar hasken. Zanen ƙarfe yana zaune ne cikin shimfiɗar da aka ɗauka. In haɓa ta ɗaga, shimfiɗar da ta ratsa ƙeya ita ce ke ratsa haƙoran sama. A sunkuyar da haɓa har layin da ya tashi daga saman ramin ido zuwa ramin kunne ya miƙe tsaye, haƙori ya sauka ƙasa da wurin ɗauka, ƙwayar ido ma ta fita. Kada wani ya ce zai gyara daga baya da karkata hoton a kan allo. Zanen ya riga ya shiga, juya shi kawai za ka yi.

Ummaru, Kusiri

Malam, da izininku, wannan mutumin yana da abin wuya. Ba a taɓa haɓarsa sai likita ya wanke wuyan.

Malam Bello, Garwa

Haka ne Ummaru, na gode, kuma ya kamata in fara da wannan. Mai abin wuya ba a sunkuyar da shi ko kaɗan. Gantiri, wato zoben na'urar, ake karkatawa, yawancinsu suna kai digiri 30, kuma 15 zuwa 20 kan isa. Sai dai wasu na'urorin ba sa yarda da karkata a helical, sai a axial. A nan sai ka zaɓa.

Ummaru, Kusiri

Ni shi ya sa a mai faɗuwar babur nake ganin axial ya fi tun farko. Kowane juyi yankansa daban. In ya motsa, milimita 10 ɗin nan kawai suka ɓaci, ka ga ta a allo nan take, ka maimaita ta. Ga karkata kuma ka samu. A helical motsi ɗaya na shafar maƙwabta.

Dakta Amina, Garwa

Amma jimillar lokacin ta fi tsawo, da tsayawar tebur tsakanin juyi da juyi za ka haura rabin minti. In ya gyara kwanciya tsakanin juyi biyu, kowane yanka zai fito tsaf, alhali an tsallake wani yanki na kai ko an ɗauki wani sau biyu, kuma ba zane da zai faɗakar da kai. Sai ka haɗa sagittal za ka gani. Ni daƙiƙa 11 na helical nake so, in samu coronal mai kyau don tsakar ka da gindin ƙoƙo.

Ummaru, Kusiri

To haƙorin fa, Dakta?

Dakta Amina, Garwa

In ya rufe ƙeya, a ƙara axial karkatacce na milimita 30 ko 40 a wurin kawai.

Ummaru, Kusiri

Wannan ma ai sake ɗauka ne, ko da ƙarami. Ni dai ina kan axial.

Falmata, Injamena

Kuna ta maganar lambobi, ku bar ni in yi ta minti biyar ɗin kafin a danna. Fisge-fisgen mai rauni a ka ba koyaushe daga kan yake ba. A duba iskar jininsa, a duba suga, a taɓa mara ko fitsari ya cika, a tambaya ko an ba shi maganin zafi. Mai karayar ƙafa da aka miƙe kan tebur mai tauri ba zai kwanta ba sai an tallafe ƙafar, matashi ƙarƙashin gwiwa na yin aiki in ƙugu da baya lafiya suke. Allurar kwantarwa kuma hukuncin likita ce, shi zai ba da, shi zai tsaya da abin awon iska, don mai rauni a ka in numfashinsa ya ragu ciwon ƙaruwa yake.

Ɗaurin kai: soso mai tsini biyu a gefen kai sama da kunne, a cusa su sosai har kan ya daina rawa cikin mariƙinsa, ɗamara a goshi, babbar ɗamara a ƙirji da hannuwa. Ta haɓa ba a sa wa mai yiwuwar amai ko mai abin wuya. Sannan harshe. Dattijon da Fulatanci ko Larabcin Shuwa kawai yake ji, in aka yi masa magana da Faransanci ta lasifika, ɗago kai zai yi ya ji me aka ce, daidai lokacin da tebur ya tashi. A gama bayani da yarensa tun ana gefensa, a gaya masa tebur zai motsa, za a ji ƙara, daga nan kada a ƙara magana. In sai ɗan'uwa ya tsaya, ya sa rigar darma da ta maƙogwaro, ba mai ciki ba, ya riƙe hannuwa da kafaɗa, nasa hannun kada ya shiga zoben.

Ƙarfen da ke cirewa kuwa da hannu ake nemansa, tambaya ba ta isa. Mace za ta ce babu komai, tana nufin ta cire 'yan kunne, alhali akwai laya ɗinke cikin kitso, ko kuɗin azurfa da zoben tagulla a gashin matan Mbororo, ko fil a ɗankwali. Mace ta shafa kan mace. Laya kuma kada a yanke ta ba izini, a roƙa, a ba ɗan'uwa ya riƙe a gabanta. In ba ta kwancewa, a ja kitson sama ya wuce tsakar ka. Scout kuma a tsaya a kalle shi kafin a ci gaba, shi ne dama ta ƙarshe mai arha.

Abakar, Injamena

Masu sabbin na'urori fa? Ai akwai iMAR, O-MAR, SEMAR, suna share zanen ƙarfe.

Malam Bello, Garwa

Suna taimakawa ƙwarai a babban ƙarfe irin na ƙugu, a cikon haƙori kuwa wani lokaci kaɗan. Abin da suke yi shi ne su cire bayanan da suka bi ta ƙarfen su cike gurbin da ƙiyasi, ƙiyasin kuma kan ƙirƙiro nasa baƙin tabo, har ƙashin da ke jikin ƙarfen ya yi kamar ya zaizaye. Shi ya sa ake tura jeri biyu, mai gyara da maras gyara. Amfaninsu babba shi ne daga ɗanyen bayani ake sake haɗawa, ba a ƙara wa mutum wuta. Motsi kuwa ba sa taɓa shi.

Yusufa, mai gyaran na'urori, Garwa

Akwai na huɗu da ba a ambata ba, kuma yanzu da zafi ya shigo lokacinsa ne. Zobe. In ditekta ɗaya ta kauce daga awonta, tana zana da'ira a hoto. Cikakken zobe kowa na gane shi. Mai haɗarin shi ne wanda ya faɗo a tsakiya, ya fito kamar baƙin tabo ko fari a cikin ƙwaƙwalwa, a ɗauka ciwo ne. Alamarsa, cibiyarsa cibiyar gantiri ce, ba ta kan mutum ba, kuma yana nan a wuri guda a yanka da yawa, har a mutumin da ya biyo baya. Sake ɗaukar maras lafiya ba ya cire shi.

Abin yi: a duba siririn tagar roba da ke zagaye cikin gantiri, ɗigon ruwan kontaras da ya bushe ko jini a kanta na jawo zane, a goge da tsumma mai laima. A fitar da komai daga zoben, a ɗumama tib, a yi kalibrasiyon na iska. Sai a ɗauki fantom na ruwa, tsakiyarsa ta ba da sifiri, kada ta kauce fiye da HU 4 ko 5, gefuna huɗu su yi kusa da tsakiyar. In zoben na nan bayan haka, a kira mu. A Maris da Afrilu, da waje ke haura digiri 40, in wuta ta ɗauke aka koma injin, ɗakin kan yi zafi kafin sanyi ya dawo, kalibrasiyon ɗin safe kuma ba ta ƙara dacewa da ditekta mai ɗumi. A jira ɗakin ya dawo wajen digiri 22 a sake ta.

Sa'adatu, Marwa

Babu zobe a wannan, na duba na mutumin da ya biyo bayansa. Na ajiye tsarin 16 × 1.25 ɗin. Tambaya ɗaya ta rage, Malam: baƙar ɗamarar tsakanin kunnuwa ba za ta ƙaru ba in na bar 0.625?

Malam Bello, Garwa

Za ta iya ɗan ƙaruwa, don wani kaso nata daga yankan da ya haɗa ƙashi da nama ne, kuma ɗauka da siriri a haɗa da kauri shi ke rage wannan. Ki gwada a fantom na kai in kuna da shi, ko ki kwatanta ƙeyar mutum biyar na farko da na tsohon tsarin tare da mai karatun naku. Ki kuma duba ko gyaran ƙashi na kai a kunne yake a sabon tsarin, don in an kwafo shi daga wani wuri yakan zo a kashe.

Ummaru, Kusiri

In kin gwada ki turo mana hotunan ƙeyar, ba suna. Ki haɗa da axial karkatacce ɗaya mu gani.